Fuskar kyanwa bayan tiyata: yadda makin ciwo ya jagoranci allurar da aka ba ta

Kyanwar mace ce, shekararta shida, nauyinta kilo 3 daidai. An kawo ta asibitin dabbobi saboda ta kwana biyu ba ta ci ba, ga yawan shan ruwa, ga wani ruwa mai ɗoyi da ke fita daga bayanta. Da aka duba aka tarar mahaifarta ta cika da mugunya, ciwon da ba shi da mafita sai a buɗe ciki a cire mahaifar da ƙwayayenta gaba ɗaya. Gwajin jini ya nuna ruwan jikinta ya ragu, kuma ƙodarta ba ta tace jini yadda ya kamata. Wannan bayanin ƙoda shi ne ya ɗaure mana hannu daga baya, don haka a riƙe shi.

Tiyatar kanta ta tafi lafiya, ba ita ce abin nazari a nan ba. Abin da ya fi ba mu aiki shi ne awoyin da suka biyo baya, lokacin da aka rasa wanda zai ce ko tana jin zafi, kuma in tana ji, nawa za a ƙara mata.

Ma'aunin da muka yi aiki da shi

Kyanwa ba ta kukan ciwo kamar kare. In zafi ya kama ta, sai ta ja jiki zuwa lungu, ta yi shiru, ta lumshe ido, wanda bai sani ba ya ce barci take yi. Shi ya sa aka daɗe ana ba maguna maganin ciwo ƙasa da abin da ake ba karnuka bayan aiki iri ɗaya. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma kusan abin da masu bincike suka yi ke nan. A 2010 wasu masana a Jami'ar McGill ta Kanada suka nuna ana iya auna ciwon ɓera daga yadda yake yamutsa fuska. A 2019 Marina Evangelista da Paulo Steagall da abokan aikinsu a Jami'ar Montreal suka fitar da na kyanwa, wanda ake samu a manhajar waya da sunan Feline Grimace Scale.

Abu biyar ake duba, kowanne a ba shi maki 0 ko 1 ko 2. Na farko kunnuwa: in suna tsaye suna fuskantar gaba, 0 ne, in sun ɗan buɗe sun yi nesa da juna, 1, in sun kwanta sun juya waje, 2. Sai idanu, daga buɗaɗɗu zuwa rabin buɗewa zuwa matsattsu. Na uku kumatun nan biyu da ke ƙarƙashin hanci, inda gashin baki ke tsirowa. A kyanwa mai lafiya suna sake, a kewaye suke, amma in ciwo ya yi tsanani sai su ɗaure su miƙe ta gefe. Na huɗu gashin bakin kansa, wanda a lafiya yake lanƙwashe yana rataye, a ciwo kuma ya miƙe ya turo gaba. Na ƙarshe kai: in yana sama da layin kafaɗa 0, in ya yi daidai da kafaɗa 1, in ya sauka ƙasa da ita ko haɓa ta nufi ƙirji 2. Jimla 10 ke nan, kuma daga 4 zuwa sama ana ɗauka kyanwar na buƙatar ƙarin magani. Maki 1 yana da aiki biyu, ana ba da shi in alamar matsakaiciya ce, ana kuma ba da shi in mai dubawa bai tabbata ba.

Yadda ake dubawa yana da ƙa'ida. Ba a buɗe keji, ba a kiran ta, ba a taɓa ta. A tsaya gefe a kalle ta kamar daƙiƙa 30. In tana cin abinci, ko lasar jiki, ko kuka, a jira ta gama, domin duk waɗannan suna canza fuska. In barci take yi na gaske, ba a auna ta.

Mun auna ta tun kafin a shiga da ita, ta samu 3: idanu 1, kumatu 1, kai 1. Mutane da yawa suna tsallake wannan awon na farko, alhali shi ne yake ba sauran ma'ana. Akwai kyanwar da kunnuwanta a buɗe suke tun haihuwa, akwai mai ƙananan idanu, kuma in ba ka san fuskarta ta da ba, sai ka ɗora wa ciwo abin da halitta ce.

Daga ɗakin tiyata zuwa ƙarfe ɗaya

Da ƙarfe 9 na safe aka ba ta metadon a tsoka, miligiram 0.3 ga kowane kilo, wato miligiram 0.9 gaba ɗaya. Magani ne mai ƙarfi daga dangin mofin, kuma a kyanwa aikinsa yakan kai awa huɗu ko makamancin haka. A kyanwa mai ƙoshin lafiya da aka zo cire wa mahaifa, da mun haɗa mata da meloksikam, maganin kumburi da ke ɗaukar yini guda yana aiki. Ita wannan ba mu ba ta ba. Magungunan wannan dangi suna rage jinin da ke ratsa ƙoda a daidai lokacin da ƙodar ke neman sa, kuma dabbar da ruwan jikinta ya ragu tana iya rasa ƙodarta da allura guda. Sai ta fito daga tiyata da magani ɗaya tak a jikinta, kuma mun san zai sake ta wajen azahar.

Da ƙarfe 11 da rabi, bayan ta farfaɗo da kamar rabin awa, fuskarta ta yi muni ƙwarai: idanu a rufe, kai a ƙasa, kunnuwa a baje. In da lissafi kawai za a bi, ta haura 4 nesa ba kusa ba. Ba mu rubuta wannan makin ba. Zafin jikinta a lokacin digiri 36.5 ne, alhali na kyanwa ya kamata ya kasance tsakanin 38 da 39 da ɗoriya, kuma maganin barci bai gama sakin ta ba. Kyanwar da ke jin sanyi da wadda magani ke ɗiba duk suna sauke kai su rufe ido. An ma gwada an gani cewa wasu magungunan kwantar da dabba, kamar haɗin desmedetomidin da butofanol, suna ɗaga makin fuska a kyanwar da ba ta jin ciwon komai. Abin da muka yi shi ne muka lulluɓe ta, muka sa mata ɗumi, muka ci gaba da ƙarin ruwa, muka taɓa gefen ɗinkin a hankali. Ba ta motsa ba, cikin kuma a sake yake. Aka bar ta.

Da ƙarfe 1 na rana jikinta ya ɗumama, idonta biyu, tana bin motsi da kallo. A nan ne aka samu saɓani. Ma'aikaciyar jinyar da ke kula da ɗakin ta ce: "Likita, ai ta samu sauƙi. Tun ɗazu ko motsi ba ta yi ba, a bar ta ta huta." Ba ta yi ƙarya ba, kyanwar shiru take. Amma da muka tsaya tare muka bi abubuwa biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya, kunnuwa suka ba da 1, idanu 2, kumatu 1, gashin baki 1, kai 1. Jimla 6. Kan gashin baki ne muka sha bamban, ita ta ce 0, ni na ce 1. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin tun a binciken farko an ga cewa masu dubawa sun fi yarda da juna a kan kunne da ido da kai, sun fi saɓawa a kan kumatu da gashin baki. Ko da an bi nata, 5 ne, hukuncin bai canza ba.

Sai muka koma ga jiki, domin fuska kaɗai ba ta isa a yi allura mai ƙarfi ba. Tana can ƙuryar keji, ta takure, ƙafafu huɗu a ƙarƙashinta, bayanta ya yi doro, ba ta kwanta ba kuma ba ta zauna ba. Kyanwar da ke hutu tana kwanciya a gefe ta miƙe ƙafa, ko ta naɗe kanta ta sa hanci kusa da wutsiya. Mai ciwon ciki ba ta yarda ta naɗe ko ta miƙe, don duk biyun suna jan wurin ɗinkin. Na buɗe kejin na shafa ta daga kai zuwa gadon baya, ba ta turo kai ba, ba ta ture ni ba. Da na danna a hankali kamar santimita 5 daga ɗinkin, sai cikin ya ɗaure, ta juyo da kai da sauri ta yi ƙara. Waɗannan su ne irin abubuwan da ma'aunin Jami'ar Glasgow na kyanwa yake tambaya, wanda jimlarsa 20 ce kuma ake ƙara magani daga 5. Akwai kuma na wata jami'a da ke garin Botucatu a Barazil, wanda gajeren sa ke da maki 12, iyakarsa 4. Ba dole ba ne a cika takardu uku a kan dabba ɗaya. Abin da ake so shi ne fuska da zama da amsar taɓawa su faɗi magana ɗaya, kuma a nan sun faɗa.

Nawa za a ba ta

Nan ne wurin da aka fi yin kuskure da wannan ma'auni. Maki 6 ba ya nufin a ba da kashi shida cikin goma na wani adadi, kuma mai maki 8 ba a ninka mata abin da za a ba mai 4. Makin yana amsa tambaya ɗaya ce: a ƙara ko kar a ƙara. Yawan abin da za a zuƙa a sirinji yana fitowa ne daga nauyin dabbar, da iyakokin maganin, da halin ƙodarta da hantarta, da abin da aka riga aka ba ta. Sannan awo na biyu shi ke nuna ko abin da aka bayar ya isa. Ta haka ne makin yake kai mutum ga adadin da ya dace, a mataki-mataki.

Muka ba ta metadon ta jijiya, miligiram 0.2 ga kowane kilo, wato miligiram 0.6. Kwalbar da ke hannunmu tana da miligiram 10 a kowace mililita, don haka abin da za a zuƙa mililita 0.06 ne kacal, ɗigo ɗaya da ɗan abu. Da sirinjin yau da kullum ba za a iya auna wannan ba. Sai dai a yi da ƙaramin sirinji mai mililita ɗaya, ko a sirka maganin da ruwan allura har ya yi yawan da ido zai gani. A dabba mai kilo 3, kuskuren layi ɗaya a jikin babban sirinji yana iya ninka maganin sau biyu ko uku.

Bayan minti 20 muka sake kallon ta. Idanu sun sauko zuwa 1, gashin baki ya saki, amma kunnuwa da kumatu da kai suna nan a 1. Jimla 4, daidai kan iyaka. Kuma har yanzu a takure take.

Hannu yakan yi saurin komawa kwalba a irin wannan lokaci. Kafin haka muka duba ko akwai abin da ke damun ta wanda allura ba za ta cire ba. Bandejin da ke riƙe da allurar ƙarin ruwa a ƙafarta bai matse ba, yatsun ba su kumbura ba. Ɗinkin a bushe yake, dasashinta jajir, ba alamar jini na zuba a ciki. Amma da na lalubi ƙasan cikin, mafitsara ta cika tam. An yi awa huɗu ana ɗura mata ruwa, ba ta yi fitsari ba, ga shi magungunan dangin mofin kan sa dabba riƙe fitsari. Kwanon yashin da aka ajiye mata kuma mai tsayin baki ne, sai ta ɗaga ƙafa ta tsallaka, abin da mai sabon ɗinki ba za ta yi ba. Aka sauya mata da faranti mai faɗi, aka rufe rabin kejin da zane don ta samu sirri, muka fita. Bayan ɗan lokaci ta yi fitsari.

Da muka dawo zamanta ya ɗan sake, amma fuskar na nan a 4, kuma danna gefen ɗinkin har yanzu yana sa ta ɗaure ciki. Sai muka ƙara rabin abin da aka ba ta ɗazu, miligiram 0.1 ga kowane kilo. Wajen ƙarfe 2 da rabi makinta ya koma 2. Ta matso gaban keji, ta kwanta a gefe, da aka miƙa mata hannu ta goga kumatunta a jiki. Jimillar abin da ta karɓa a wannan zagaye miligiram 0.3 ne ga kowane kilo, adadin da bai fita daga iyakar da aka saba ba. Da mun bayar da shi a tashi ɗaya da ma ya yi daidai, amma ba mu san haka ba sai da muka auna, kuma wata kyanwar da kashin farko ya ishe ta.

Akwai alamun da muka riƙa tsaro ta ɗaya gefen, wato in magani ya yi yawa. A kyanwa dangin mofin suna buɗe baƙin ido sosai, don haka faɗin baƙin ido ba ya cikin abin da ake aunawa, ba shaidar ciwo ba ne. Suna iya ɗaga zafin jiki har ya haura digiri 40 bayan tiyata, shi ya sa aka ci gaba da sa mata ma'aunin zafi. Wani lokaci kuma kyanwa takan rikice, ta yi ta zagaya keji tana kuka ba ta gane mutane. Ana bambanta wannan da ciwo ta hanyar taɓawa: mai ciwo tana amsawa in an danna wurin, mai rikicewar magani ba ruwanta da wurin ɗinkin, kuma ƙarin allura ƙara rikita ta yake yi. Gurnanin nan mai laushi da kyanwa ke yi in ana shafa ta shi ma ba hujja ba ne, tana yin sa a daɗi, tana yin sa a wahala.

Dare da washegari

Da yamma, lokacin da metadon ya kusa sakin ta, muka koma bufurenofin, miligiram 0.02 ga kowane kilo. Kwalbarsa tana da miligiram 0.3 a mililita, don haka nata mililita 0.2 ne. Bai kai metadon ƙarfi ba, amma yana daɗewa, awa shida zuwa takwas, kuma ya dace da ciwon da ya fara sauka. Abu biyu ake kiyayewa da shi. Yana da jinkirin kamawa, don haka ba a sake awo sai bayan minti 30 zuwa 45, in ba haka ba a zaci bai yi aiki ba. Sannan irin wannan na yau da kullum ba a dogara da shi in an yi shi a ƙarƙashin fata, ta jijiya ko a tsoka ya fi tabbas.

Da dare ta fara lasar ɗinkin, aka sa mata kwalar roba a wuya. Kwalar ta danne gashin bakinta, ba a iya cewa ya miƙe ko ya lanƙwashe. A irin wannan hali ba a ƙirƙiro maki. Ana barin abin da ba a gani ba, a raba jimlar da mafi yawan makin da sauran za su iya bayarwa. Abu huɗu suka rage, wato 8. Ta samu 3, kuma 3 cikin 8 ya kama 0.375, iyakar da binciken ya sa kuwa 0.39 ce. Ƙasa take da iyaka, amma da ƙyar, kuma kwalar da kanta tana sa kyanwa sauke kai don haushi. Ma'aikacin da ke aikin dare ya cire mata kwalar na ɗan lokaci yana tsaye a kanta, kan ya ɗago, makin ya koma 1. Ba a ƙara komai ba.

Washegari ta ci abinci da kanta. Aka sake gwajin jini bayan ta sha ƙarin ruwa yini da kwana, ƙodar ta dawo daidai, abin da ya nuna rashin ruwa ne ya jawo matsalar tun farko. Sai a lokacin muka fara meloksikam na sha, miligiram 0.05 ga kowane kilo sau ɗaya a rana tare da abinci, na 'yan kwanaki. Ruwan maganin na kyanwa yana da miligiram 0.5 a mililita, nata mililita 0.3 ke nan. Na kare ya ninka shi ƙarfi sau uku, kuma kwalaben sun yi kama, don haka muka rubuta wa mai ita adadin a jikin sirinjin, muka ce in kyanwar ta yi amai ko ta daina ci, a dakatar da shi a kira mu.

Da ta zo ɗaukar ta, mai kyanwar ta yi tambayar da kusan kowa ke yi: "Likita, in na ga tana jin jiki da dare, ba zan ɗan ɓalla mata farasitamol ba?" Na ce: "Hajiya, ko ɓarin ƙwaya kar ki ba ta. Hantar kyanwa ba ta iya narka shi kamar tamu. Yana ɓata mata jini har ya kasa ɗaukar iska, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura, kuma ƙwaya ɗaya ta manya tana iya kashe ta." Haka abin yake ga ibufurofen da dikulofenak da ke kowane gida. Na nuna mata hotunan da ke manhajar, muka gwada tare a kan kyanwarta, ta ba da 1, ni ma na ba da 1. Na ce in ta ga 4 ko fiye sau biyu a jere, kyanwar idonta biyu kuma ba abin da ya tsorata ta, ta dawo da ita.

Wannan kyanwar ta sauƙaƙa mana aiki ta wata fuska, domin ta saba da mutane kuma fuskarta irin ta kowace mage ce. Kyanwar da ba ta saba da hannu ba tana kwantar da kunne ta takure don tsoro, ta tara maki ba tare da ciwo ba, musamman a ma'aunan da ke buƙatar taɓawa. Irin wannan sai a ba ta kwali ta ɓuya a ciki, a kalle ta daga nesa, in shakka ta ƙi ƙarewa a ba da maganin a ga ko fuskar za ta canza. Maguna masu shafaffiyar fuska irin jinsin da ake kira na Farisa ba da su aka gina ma'aunin ba, kumatunsu da idanunsu ba sa karantuwa da sauƙi, kuma baƙar kyanwa a ɗaki mai duhu sai an kawo haske. Ma'aunin kuma na ciwon da ya zo farat ɗaya ne, irin na tiyata ko rauni ko toshewar fitsari. Tsohuwar kyanwa mai ciwon gaɓoɓi tana iya samun 0 a fuska alhali ta daina hawa katanga tun bara, ita ana gane nata ne daga tafiya da tsalle da yadda ta rage gyaran jikinta.